Zafin ɗakin renon 'yan tsaki mako bayan mako, da yadda ake karanta shi a jikinsu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Zariya, kuma a farkon watan Janairu zan ɗauko 'yan tsakin buroila guda 200, da kaskon gawayi zan ɗumama su. Wancan karon na yi asarar da yawa a makon farko, alhali ma'aunin zafina yana nuna 33. Nawa ya kamata zafin ya zama a kowane mako, kuma ta yaya zan gane ko yana isar su?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya mayar da alheri. Abu na farko da zan so ki duba shi ne inda kika rataye wannan ma'aunin, domin a mafi yawan ɗakunan reno da nake shiga, a jikin ƙusa nake samunsa, daidai fuskar mutum, inda zai yi sauƙin karantawa. Iska mai zafi sama take tashi, mai sanyi kuma ta kwanta ƙasa, saboda haka ma'aunin da ke daidai idon mai kiwo zai iya nuna 33 alhali a ƙasa, inda ɗan tsako yake tsaye, zafin bai kai 28 ba. Duk alƙaluman da zan ba ki a nan na zafin da ke daidai gadon bayan ɗan tsako ne, wato kamar santimita 5 daga saman shimfiɗa, kuma a gefen inda ɗumin wutar yake sauka, ba a jikin kasko ba, ba kuma can jikin bango ba. Ki ɗaura wa ma'aunin zare, ki sauko da shi har ya kusa taɓa ƙasa a wannan wurin.

A makon farko ana so zafin wurin ya tsaya tsakanin digiri 33 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, kwana biyun farko a sama, ragowar kwanakin kuma yana saukowa. Daga nan ana rage kimanin digiri 3 a kowane mako: mako na biyu 30 zuwa 32, na uku 27 zuwa 29, na huɗu 24 zuwa 26, na biyar 21 zuwa 23. Bayan haka gashinsu ya rufe jiki, ba su da bukatar wuta sai in dare ya yi sanyi ƙwarai. Idan ma'auninki irin mai lissafin Faranhait ne, ki fara da 95, ki riƙa cire 5 duk mako har ki kai 70. Kada kuma a yi ragin rana ɗaya, a ce yau mako ya cika an zare digiri 3 gaba ɗaya. A raba shi, kamar rabin digiri a kullum, wanda a aikace yana nufin rage 'yan dunƙulen gawayi kaɗan, ko ɗan ɗaga ƙwan lantarki sama, ko ɗan ƙara buɗe tamfol. Buroila suna saurin girma kuma jikinsu yana fitar da zafi da wuri, don haka sukan so a sauke musu da ɗan sauri, amma 'yan tsakin kajin ƙwai sun fi su ƙanƙanta kuma sun fi daɗewa suna neman ɗumi.

Dalilin wannan tsari yana cikin jikin ɗan tsakon. A kwanakin farko ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa, domin abin da ke jikinsa ba gashi ba ne na sosai, kuma sai ya yi kusan mako biyu kafin jikin ya fara iya daidaita kansa. Kafin lokacin, zafin wurin da yake ciki shi ne yake juya zafin jikinsa. Idan ya ji sanyi yakan bar abinci da ruwa ya tafi neman ɗumi, ragowar kwanduwar da ya ƙyanƙyashe da ita a cikinsa ba za ta narke da kyau ba, garkuwar jikinsa ta yi rauni. Shi ya sa sanyin dare ɗaya ba a ranar kaɗai yake kisa ba. Wasu su mutu a daren saboda danne juna, wasu kuma su riƙa faɗuwa ɗaya-ɗaya a rana ta huɗu da ta biyar, waɗanda suka tsira su tashi ba kai ɗaya ba, wani babba wani kamar ba tare aka kawo su ba. Mai kiwo sai ya ɗora laifin a kan kamfanin ƙyanƙyasa ko a kan abinci, alhali abin ya faru ne tun daren farko, tsakanin ƙarfe 3 da asuba, lokacin da gawayi ya zama toka kuma kowa yana barci.

Amma waɗannan alƙaluma mafari ne kawai. Ma'auni wuri ɗaya yake aunawa, ba ya jin iskar da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ba ya jin sanyin siminti, ba ya kuma jin bushewar iska. Wannan na ƙarshe ya shafe ki sosai, domin a hunturu iskar Zariya bushewa take yi ƙayau, kuma a busasshiyar iska ɗan tsako yana jin sanyi fiye da abin da ma'auni ya nuna, yana kuma saurin rasa ruwan jikinsa. Danshin da ake so a kwanakin farko kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari ne, hunturu kuwa ba ya zuwa ko kusa da haka, ga wutar gawayi tana ƙara busar da ɗakin. Saboda haka a watan Janairu ki riƙe saman kowane lissafi, 35 maimakon 33, 32 maimakon 30, ki kuma ajiye buɗaɗɗen kwano da ruwa kusa da kaskon, a inda 'yan tsakin ba za su iya kaiwa gare shi ba, don tururin ya ɗan jiƙa iskar. Idan ma'auni ya faɗi magana ɗaya, 'yan tsaki suka faɗi wata, maganar 'yan tsakin za ki bi.

Karanta su yana da ladabinsa. Kada ki banko ƙofa ki shiga, domin da zarar sun firgita za su ruga gefe guda, abin da za ki gani ba shi ne halin da suke ciki ba. Ki tsaya a waje tukuna ki saurara, sannan ki leƙa a hankali, ki tsaya shiru na minti biyu ko uku. 'Yan tsakin da zafi ya yi musu daidai za ki same su a warwatse ko'ina cikin da'irar kwalin da aka kewaye su da shi, wasu a kan abinci, wasu a kan ruwa, wasu suna tonon shimfiɗa, wasu sun miƙe suna barci har da shimfiɗe wuya a ƙasa, abin da kan tsorata sabon mai kiwo ya ɗauka sun mutu. Kukansu ƙasa-ƙasa ne, mai laushi, kamar hira. Idan dare ne za su kwanta kusa da juna su yi zobe kewaye da wutar, jiki yana taɓa jiki amma babu wanda ya hau kan wani. Wannan kwanciya ba alamar sanyi ba ce, kada ki ga haka ki ƙara wuta.

Sanyi kamanninsa daban ne. Tun daga bakin ƙofa za ki ji kuka mai ƙarfi, mai kaifi, wanda ba ya tsayawa. In kika leƙa za ki ga sun dunƙule a gindin wutar, na baya suna tura kai suna neman shiga tsakiya, wasu sun hau kan wasu, mazubin abinci da na ruwa kuma babu kowa. Wannan cunkuso shi ne mai kisa nan take, don na ƙasa numfashi yake ƙare musu. Zafi idan ya yi yawa kuma sai ki ga akasin haka: tsakiyar da'irar fayau, duk sun manne da kwalin da ya kewaye su, nesa da wuta iyakar iyawarsu, baki a buɗe suna haki, fukafukai a sake, sun yi tsit. Suna shan ruwa da yawa, ba sa cin abinci, bayan kwana biyu kuma ki fara ganin kashi ya manne ya toshe musu dubura, ko da yake sanyi da wahalar tafiya ma suna kawo wannan. Ina so ki lura da shirun nan da kyau, domin sanyi yana da ƙara, yana tada mai gida daga barci, amma zafi ba ya kiran kowa.

Akwai alama ta huɗu da mutane da yawa ke kuskuren fassarawa. Idan suka taru a gefe ɗaya kawai, ba a gindin wuta ba, ba kuma sun zagaye bango duka ba, to iska ce take shigowa daga ɗaya gefen. A nan ƙara gawayi ba zai yi magani ba, sai ma ya gasa na kusa da wutar. Ki tsuguna a gefen da suka gudu daga gare shi, ki jiƙa bayan hannunki ki kai shi ƙasa, za ki ji ta inda sanyin yake hurowa, galibi ƙarƙashin ƙofa ne ko inda tamfol ya ɗage daga ƙasa. Wani lokacin kuma haske ne: idan fitila gefe ɗaya take haskawa, can za su bi, domin ɗan tsako haske yake bi.

Bayan ido da kunne akwai hannu. Ki ɗauki ɗan tsako ki ɗora tafin ƙafarsa a kumatunki ko a wuyanki. Ƙafar da take da ɗumi tana nuna shimfiɗar ta yi zafi yadda ake so, ƙafa mai sanyi kuma tana nuna ƙasan ne bai ɗumama ba, ko da iskar ɗakin ta kai 35. Ki gwada guda goma daga wurare dabam-dabam, kada ki tsaya kan na gindin wuta kaɗai. Sannan ki shafa jakar abincin da ke gindin wuyansa, ta ɓangaren dama. Awa 8 bayan saukarsu ana so a samu 8 cikin kowane 10 jakar ta cika, bayan awa 24 kuma kusan dukkansu. Idan jakar ta cika da laushi, ya ci ya sha. Idan ta yi tauri har kina jin tsakin abincin, ya ci amma bai sha ruwa ba. Idan babu komai, bai sami natsuwar ci ba, kuma mafi yawan lokaci zafin wurin ne bai daidaita ba. Wanda yake son tabbaci fiye da haka zai iya sayen ƙaramin ma'aunin zazzaɓi irin na yara a kemis, ya ɗan taɓa bakinsa a duburar ɗan tsako a hankali ba tare da turawa ciki ba. A kwanakin farko ana so ya nuna 40 zuwa 40.5. In ya sauka ƙasa da 39.5 yana jin sanyi, in ya haura 41 zafi ya yi masa yawa.

Na taɓa zuwa wani gida a irin wannan lokaci na hunturu, inda wani matashi ya kira ni saboda 'yan tsakinsa suna mutuwa kullum da safe. Na isa da hantsi, na tarar da komai lafiya lau, suna ci suna sha, ma'aunin da ke bango yana nuna 32. Da a nan na tsaya da na ce masa ciwo ne ya nemi magani. Sai na tambaye shi ƙarfe nawa yake zuba gawayin ƙarshe, ya ce bayan sallar isha'i, sai kuma in ya dawo daga masallaci da asuba. Na roƙe shi ya tashi ƙarfe 4 na dare, ya ajiye ma'aunin a ƙasa, ya faɗa mini abin da ya gani. Washegari ya ce mini kaskon ya mutu murus, ma'aunin ya sauka ƙasa da 25, 'yan tsakin kuma sun taru a kusurwar ɗakin sun yi tsibi, da ya ɗaga na sama ya tarar da na ƙasa sun riga sun tafi. Shimfiɗarsa ma buhu ne ɗaya a kan siminti. Ba mu ba su ko ƙwayar magani ba. Mun zuba ƙaiƙayin shinkafa mai kauri, mun kewaye su da kwali, ya koma zuba gawayi sau biyu cikin dare, mutuwar ta tsaya. Tun daga ranar, duk wanda ya ce mini ma'auninsa yana nuna daidai, sai na tambaye shi da ƙarfe nawa ya duba.

Ga yadda zan tsara naki da ni ne. Guda 200 suna bukatar da'ira mai faɗin kamar mita 2 da rabi daga gefe zuwa gefe a kwanakin farko, a kewaye ta da kwali ko silin mai tsayin kamar santimita 45. A yi ta zagaye, domin kusurwa ita ce inda suke taruwa su danne juna. A zuba ƙaiƙayin shinkafa ko aske-asken katako busasshe mai kaurin santimita 5 zuwa 8, a shimfiɗa takarda a kai a kwanakin farko a barbaɗa abinci, don su same shi duk inda suka juya. Garin katako mai laushi ba shi da kyau a wannan lokaci, domin suna cinsa. Kasko ya zauna a tsakiya a kan bulo, a kewaye shi da raga don kada su faɗa ciki ko shimfiɗar ta kama wuta, abinci da ruwa kuma a jera su a tsaka-tsaki, ba a gindin wuta ba inda ruwan zai yi zafi su ƙi sha. Na fi son ƙananan kasko biyu a kan babba guda ɗaya, saboda ba za su mutu lokaci guda ba, kuma ana iya cire ɗaya da rana. Sai ki kunna wutar awa 24 kafin su iso. Mutane suna ganin wannan ɓarnar gawayi ce, amma iska tana ɗumama cikin awa ɗaya, siminti da shimfiɗa kuwa sai sun kwana, kuma ana so shimfiɗar kanta ta kai 28 zuwa 30 kafin ƙafarsu ta taka ta. Wannan daren gwajin zai kuma nuna miki awa nawa cikin kasko ɗaya yake yi kafin ya huce, ki san sau nawa za ki tashi.

Ranar da suka iso, musamman in daga nesa aka ɗauko su kamar Ibadan, sun gaji kuma suna jin ƙishirwa. Ki sauke su kusa da ruwa, ki ba su awa ɗaya zuwa biyu su natsu kafin ki yanke hukunci a kan yadda suka bazu. Daga nan ki riƙa dubawa duk bayan awa biyu ko uku a kwana ukun farko, kuma dubawa biyu ba a fashinsu: na kafin asuba, lokacin da sanyi ya fi tsanani, da na azahar, lokacin da rana ta bugi kwano. Hunturu yana da wannan wahala, dare ya sauka ƙasa da digiri 15, rana kuma ta kusa 30, don haka wutar da ta yi daidai da dare za ta yi yawa da rana. Daga rana ta uku ko ta huɗu ki fara faɗaɗa da'irar, domin buroila suna girma da sauri kuma cunkoso kansa zafi ne, zuwa kwana 10 ko 14 a cire kwalin gaba ɗaya. Ranar da suka cika mako ki ɗora guda 20 a sikeli. Buroilan da aka rena da kyau yakan ninka nauyinsa na ranar farko sau huɗu ko fiye, wato mai giram 40 ya kai 160 zuwa 180. Mutuwar makon farko kuma bai kamata ta wuce 1 cikin 100 ba, wato biyu a naki.

Dole in ja hankalinki a kan gawayi, domin a nan ne karanta halin 'yan tsaki yake iya yaudarar mutum. Gawayin da ke ci a rufaffen ɗaki yana cinye iskar shaƙa, yana kuma fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari ba ta da launi. 'Yan tsakin da ta kama sukan yi lamo, su kwanta ko'ina ba kuka, mai kallo ya ɗauka daɗi suke ji. Bambancin shi ne, masu lafiya in kika ɗan tafa hannu za su zabura su watse, waɗannan kuwa da ƙyar suke motsi. Ki riƙa hura gawayin a waje har ya yi ja, hayaƙi ya ƙare, sannan a shigo da shi. Kada a like ɗakin ruf da leda, a bar kafa ta sama, ƙasa kuma a toshe, don iska ta sauya ba tare da ta bugi 'yan tsakin ba. Idan kika shiga kika ji kanki ya yi nauyi ko idonki yana yaji, ki buɗe nan take, kuma kada a bar yaro ya kwana a ɗakin da sunan gadi. In kina da wutar lantarki ki haɗa da ƙwan ɗumamawa, amma ki sani ƙwayayen zamani masu adana wuta haske kawai suke bayarwa, ba su da zafin kirki, kuma ko da wane iri ne a ajiye kasko a shirye saboda ɗaukewar wuta.

Wani abin da ke rikita karatun shi ne ciwo. Ɗan tsako mara lafiya yana takurewa kamar mai jin sanyi ko da zafin ɗakin daidai yake. Idan sanyi ne, dukkansu ne suke cunkusuwa, suna kuka da ƙarfi, kuma minti 20 zuwa 30 bayan an gyara wuta za su watse su koma kan abinci. Idan ciwo ne, wasu ne suke ware kansu, gashi a tashe, ido a lumshe, ba kuka, kuma ƙarin wuta ba ya tada su. In kika ga haka, musamman daga mako na uku zuwa na shida, tare da farin zawo ko kashi mai jini, ki nemi likitan dabbobi, domin lokacin cutar gumboro da ciwon hanji mai sa kashin jini ke nan.

Idan kuma kika sake ɗauko wasu a bazara, wajen Afrilu, lissafin bai canja ba amma aikin ya juye. Da rana zafin gari kansa ya haura abin da suke bukata ko a makon farko, don haka wuta sai cikin dare, can wajen asuba, na 'yan kwanaki kaɗan. Daga mako na biyu abin da za ki yi fama da shi shi ne sauke zafin: a ɗage tamfol, a rage cunkoso, a riƙa sauya ruwa kafin ya ɗumama, a kuma sa ido a kan haki tsakanin azahar da la'asar.